Yadda Ake Gane Rukunin Jini da Wanda Ya Dace a Ƙara wa Mara Lafiya

Tun da Karl Landsteiner ya gano a birnin Biyana, cikin shekarar 1901, cewa jinin wani mutum yakan dunƙule idan ya gamu da na wani, masana suka yi ittifaƙi a kan ƙa'ida guda wadda duk mas'alar ƙarin jini ta rataya a kanta. Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da tambari a bayansu, wanda likitoci ke kira antijin: wani yana da tambarin A, wani B, wani duka biyun, shi ne AB, wani kuwa babu ko ɗaya, shi ne O. A cikin ruwan jinin kuma akwai dakaru, wato antibodi, masu gaba da duk tambarin da mai jinin ba shi da shi, kuma suna bayyana da kansu tun jariri yana da wata uku zuwa shida, ko ba a taɓa ƙara masa jini ba. Saboda haka mai A yana gaba da B, mai B yana gaba da A, mai O yana gaba da su duka, alhali mai AB ba shi da abokin gaba.

Da farko ma'aikacin ɗakin gwaji zai rubuta sunan mai jinin a kan kwalba yana tsaye a gefen gadonsa, domin musanyar kwalabe tana cikin manyan abubuwan da ke jawo musiba a wannan aiki. Sa'an nan ya samu farin faranti mai tsabta, ya ɗiga digo guda na ruwan gwaji shuɗi, mai suna Anti-A, a gefe ɗaya, da digo guda na rawaya, Anti-B, a ɗaya gefen. Ya sa ɗan jinin a kan kowanne, ya gauraya da tsinke dabam-dabam, ya riƙa karkata farantin a hankali har minti biyu. Inda tambari ya gamu da abokin gabarsa, jan zai tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami. Inda bai gamu ba, sai ya zauna sumul. Gudaji a shuɗi kaɗai A ne, a rawaya kaɗai B, a duka biyu AB, rashinsa baki ɗaya kuwa O. Kada a yi jinkirin karantawa, gama digon da ya soma bushewa yakan yi kama da gudaji ya yaudari ido.

Shaida ɗaya ba ta isa hukunci ba, don haka sai a juya gwajin: a ware ruwan jinin, a haɗa shi da ƙwayoyin da aka tabbatar A ne, da waɗanda aka tabbatar B ne. In shaidun biyu suka saɓa, wajibi ne a dakata a sake. Jarirai ne kawai aka togace, tun da dakarunsu ba su fito ba tukuna.

A ƙaddara mace ta zubar da jini bayan haihuwa, ƙwayoyinta sun dunƙule a shuɗi kaɗai, ruwan jininta kuma ya dunƙule ƙwayoyin B. Ita A ce ke nan. Ga mijinta mai B, ga maƙwabci mai AB, ga aminin mijin mai O, kowa ya miƙo hannu. Tambayar ita ce, ƙwayoyin wa dakarunta za su ƙyale? Na miji suna da tambarin B, ba su halatta ba, komai ƙauna. Na maƙwabcin ma suna da B tare da A; shi yana karɓa daga kowa, amma ɗan rukuninsa kaɗai yake ba. Saura mai O, wanda ƙwayoyinsa ba su da tambarin da za a far wa. Sai dai akwai sharaɗi da mutane kan manta: ruwan jinin mai O cike yake da gaba da A, don haka abin da ya fi shi ne a rage ruwan a ba ta ƙwayoyin, kuma in an samu ledar A, ita ce mafificiya. Idan ruwan jini zalla za a ƙara, hukuncin yakan juye, na AB ne ya dace da kowa.

Bayan an duba Rh, wanda babi ne dabam, sai a haɗa ruwan jininta da ƙwayoyin ainihin ledar da za a rataya mata, a tabbata babu gudaji. A fara ƙarin sannu a hankali, ma'aikacin jinya yana kusa minti 15 na farko. In ta kama rawar sanyi da zazzaɓi, ko ciwon ƙugu, ko numfashi ya yi mata wuya, ko fitsari ya koma ja ko baƙi-baƙi, a tsayar nan take, a kira likita, a mayar da ledar ɗakin gwaji tare da sabon samfurin jininta.