Girka Python a Kwamfutar Tafi-da-gidanka Mai Windows da Tabbatar da Aikinsa

Python harshe ne na ba kwamfuta umarni, wanda wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar a shekarar 1991. Windows ba ta zuwa da shi, sai mai kwamfuta ya sauko da shi ya girka da kansa. Girkawar ba ta da wuya, amma ɗalibai da yawa sukan gama ta lafiya, su rubuta umarnin farko, kwamfuta ta ce ba ta san wani Python ba. Wannan darasi zai bi aikin daki-daki, ya kuma bayyana dalilin wannan cikas da maganinsa.

Abu na farko shi ne ɗalibi ya san irin kwamfutarsa. Zai buɗe Settings, ya shiga System, sannan About, ya duba layin da aka rubuta System type. Mafi yawan kwamfutocin yanzu suna nuna 64-bit da x64 a wannan layi. A nan za a yi misali da Python 3.13, wanda ya fito a watan Oktoba na 2024, kuma yana bukatar Windows 10 ko 11.

Daga nan sai ya je shafin python.org, ya shiga Downloads, ya zaɓi Windows, ya nemi Windows installer (64-bit) a ƙarƙashin bugun 3.13. Fayil ɗin bai kai megabayit 30 ba, kuma sunansa yakan zo kamar python-3.13.1-amd64.exe. Kada kalmar amd64 ta ruɗi mai kwamfutar Intel, domin fayil ɗin nasu ne su duka. Ya kamata a sani cewa tun 2025 shafin yana gabatar da wata sabuwar hanya mai suna Python install manager, wadda aka shirya za ta gaji tsohuwar daga bugun 3.16. Matakanta sun bambanta da na wannan darasi, amma gwajin lambar bugu da na lissafi da za su zo a ƙasa sun shafi kowace hanya.

Idan aka buɗe fayil ɗin, taga za ta bayyana da babban rubutu Install Now. Nan ne ake gaggawa a yi kuskure. A can ƙasan tagar akwai ɗan akwati mai rubutun Add python.exe to PATH, kuma yakan zo babu alama a cikinsa. Wajibi ne a sa masa alama tukuna, sannan a danna Install Now. Bayan ɗan lokaci saƙon Setup was successful zai fito, sai a rufe tagar.

Mene ne PATH, har wannan ɗan akwati ya zama ginshiƙin aikin? A ɗauka an aiki yaro kasuwa ya nemo wani mutum, aka ba shi takarda mai jerin rumfuna biyar. Zai leƙa ta farko, in bai same shi ba ya wuce ta biyu, har ya kai ta biyar. Idan mutumin yana rumfa ta shida, yaron zai dawo ya ce bai gan shi ba, alhali kuwa yana cikin kasuwar. Haka Windows take yi. PATH jeri ne na foldoji, wato ma'ajiyoyin fayil, waɗanda take leƙawa ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka rubuta sunan wata manhaja. Python yakan zauna a folda mai suna Python313, can cikin AppData na mai kwamfutar, kuma wannan wuri ba ya cikin jerin tun asali. Alamar nan ita ce take shigar da shi.

Yanzu sai gwaji, domin gani ya kori ji. Ɗalibi zai danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta cmd, ya danna Enter. Baƙar taga za ta buɗe, ita ce Command Prompt, inda ake ba kwamfuta umarni a rubuce. A ciki zai rubuta:

```
python --version
```

Idan komai ya daidaita, amsa za ta zo a layi ɗaya, kamar Python 3.13.1. Wannan ya nuna abu biyu: an girka harshen, kuma Windows ta san inda yake.

Sai dai faɗin lambar bugu bai nuna cewa yana lissafi ba. A ɗauka ɗalibin nazarin tsirrai ya auna tsawon tsiron gero biyar, ya sami santimita 12, 15, 14, 11 da 18. Zai rubuta python shi kaɗai ya danna Enter. Alamar >>> za ta bayyana, ma'ana Python ne yake sauraro yanzu, ba Windows ba. Sai ya shigar da layuka biyu, yana danna Enter bayan kowanne:

```
>>> tsawo = [12, 15, 14, 11, 18]
>>> sum(tsawo) / len(tsawo)
14.0
```

Jimillar ma'aunan 70 ce, an raba ta gida 5, matsakaicin tsawo ya zama santimita 14. Tun da ana iya tabbatar da wannan amsa da alƙalami, gwajin ya inganta. Domin komawa ga Windows, sai a rubuta exit() a danna Enter.

To, idan gwajin farko ya ƙi fa? Alamu biyu ake gani. Ta farko saƙo ne mai cewa 'python' is not recognized as an internal or external command, wato yaro ya zaga rumfuna bai sami kowa ba. Ta biyu kuwa saƙo ne da ya fara da Python was not found, ko kuma Microsoft Store ya buɗe da kansa. Dalilin wannan shi ne Windows tana ajiye wani ɗan fayil mai suna python.exe a foldar WindowsApps, wanda aikinsa kawai ya kai mutum kantin manhajoji. Yaro ya sami mai sunan, amma ba shi ne wanda ake nema ba.

Kafin a ɗauki wani mataki, a yi bincike da umarni biyu:

```
py --version
where python
```

Na farko yana kiran wata ƙaramar manhaja da akan girka tare da Python, wadda take gano shi ko da ba ya cikin PATH. Idan ta faɗi lambar bugu, to harshen yana nan lafiya, jerin ne bai cika ba. Na biyu yana nuna kowane python.exe da Windows ta gani, kuma na saman shi take kira. Idan layin WindowsApps ne kaɗai ya fito, an gano ciwon.

Magani shi ne a sake buɗe fayil ɗin da aka sauko da shi, a zaɓi Modify, a danna Next, a sa alama a Add Python to environment variables, sannan a danna Install. Idan har yanzu layin WindowsApps ne a sama, sai a nemi App execution aliases a cikin Settings, a kashe python.exe da python3.exe.

Saura abu ɗaya da yake yaudarar mutane ko bayan gyara. Baƙar taga tana karanta PATH sau ɗaya ne, a lokacin da aka buɗe ta. Wadda take buɗe tun kafin gyara tana riƙe da tsohon jeri, don haka za ta ci gaba da cewa ba ta ga Python ba. Lalle ne a rufe ta, a buɗe sabuwa, a maimaita umarnin farko. Idan lambar bugu ta fito, lissafin tsiron gero kuma ya ba da 14.0, kwamfuta ta shirya karɓar ma'aunan ɗakin gwaji.