Yadda Ake Kwantar da Gaba Kafin Jawabi a Walimar Sauka

A Islamiyyun Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, ranar walimar sauka akan zaɓi ɗalibi ɗaya ya yi jawabi a madadin 'yan'uwansa. Yawanci wanda ya fi ƙoƙari ake ɗauka, amma ƙoƙarin cikin aji daban, tsayuwa gaban iyaye da manyan gari daban. Mu da muke shirya yaran nan mun san cewa da wuya a manta jawabi a tsakiya. A minti na farko ake rikicewa.

Saboda haka in kai aka zaɓa, kada ka haddace jawabin duka. Buɗewar kawai za ka haddace: sallama, salati, sai jerin gaisuwa. Ka tambayi sarautar kowane babban baƙo tun da wuri ka rubuta. Idan wakilin Mai Martaba Sarkin Kiyawan Ƙaura Namoda ne ya zo, kada bakinka ya kira shi da sarautar Zurmi, domin kuskure ɗaya a nan kan warware sauran natsuwar. Ragowar jawabin kanun magana uku a ƙaramar takarda sun isa. Babbar takarda tana tona asirin rawar hannu.

Mako guda kafin ranar, ka riƙa bita a tsaye, da murya sama, gaban ƙannenka ko abokanka. Bitar zuci ba ta horar da harshe. In da hali, ka gwada lasifikar a filin, don muryarka za ta dawo maka a makare, kuma wanda bai saba ba sai ya ruɗe.

Inda gwaninta take shi ne numfashi. Mai fargaba yana jan iska da sauri a saman ƙirji, yana ganin ba ta ishe shi ba, alhali yawan fitar da ita ne ke kawo jiri da minjirya a yatsu. Tun kana zaune, ka ɗora hannu a ciki ƙarƙashin riga. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu har cikin ya taso, ka sake ta a hankali ta baki kana ƙirga shida. Fitarwar ce ke rage bugun zuciya, don haka ita za ka tsawaita. Idan kafaɗunka ne ke ɗagawa, ba ka yi daidai ba, sake. Sau biyar ya wadatar. Goro da shayi mai kauri a bar su sai an tashi, kurɓin ruwa ya fi.

Da an kira sunanka, ka taka a hankali, ka kafa ƙafafu biyu, ka yi sallama, sannan ka yi shiru har jama'a su gama amsawa. A cikin wannan amsawar za ka ja cikakken numfashi. Nakan ji daɗi ƙwarai in ga yarinya 'yar shekara 14 ta riƙe wannan shirun ba ta yi gaggawa ba.

Malamai, don Allah ku daina ba yaro takardar jawabi ana gobe walima.