Jadawalin Bitar Tarihi: Daga Ɗegel Zuwa Alƙalawa

'Ya'yana masu shirin jarrabawa, ku ciro falle biyu na tsakiyar littafin rubutu, ku sa rula ku ja gida huɗu: shekara, abin da ya faru, dalili, sai sakamako. Gidan shekara ku matse shi, yatsa biyu ya isa. Na dalili da na sakamako su za ku bai wa fili, domin mai duba takarda ya fi ba da maki a kan "me ya sa" da "me ya biyo baya" fiye da haddar lambobi.

Mu gwada da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yawancinku da 1804 kuke farawa, ku rubuta "Hijira daga Ɗegel zuwa Gudu", a gidan dalili kuma ku sa "zaluncin sarakuna". Ba ƙarya kuka yi ba, amma wannan amsa ta yi faɗi da yawa. Shehu ya shafe shekara wajen talatin yana wa'azi kan haraji mai nauyi da gauraya addini da al'ada, bai yi hijira ba. To me ya sa sai a Fabrairun 1804? Wannan tambayar ce za ta tilasta muku ƙara layi biyu a sama. Na farko, dokar Sarkin Gobir Nafata, wadda ta hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ta hana maza naɗa rawani, mata kuma lulluɓi, ta ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. Na biyu, harin da mayaƙan Sarki Yunfa, magajin Nafata, suka kai wa jama'ar Abdussalami a Gimbana, aka kamo mutane, almajiran Shehu suka kwance su da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel. Bayan haka ne Yunfa ya nemi Shehu ya rabu da jama'arsa, shi kuwa ya ƙi, suka tashi tare.

Kun ga dalili iri biyu ne ke nan, na nesa da na kusa. Ku raba gidan da ɗan layi: haraji da dokar Nafata a sama, Gimbana a ƙasa. Ɗalibin da ya kawo na nesa kaɗai bai bayyana lokacin ba, wanda ya kawo na kusa kaɗai kuwa ya mai da babban al'amari rigimar yini guda.

Yanzu ku lura da abin da na fi so ku riƙe. Jadawali mai kyau kamar sarƙa yake, sakamakon layin sama shi ne yake zama dalilin na ƙasa. A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, wato jama'a ta fita daga ƙarƙashin ikon Gobir. Shi ya sa Yunfa ya fito da yaƙi, aka gwabza a Tafkin Kwatto a Yunin 1804, jama'ar Shehu ta yi nasara, mutane da dama suka shigo. Kada ku tsallake Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara don an sha kashi a can, har mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. In babu wannan layi, ba za ku iya faɗin abin da ya sa Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808. Duk inda kuka karanta sakamako, kuka sauko ƙasa ba ku ga ya haɗu da dalili ba, to akwai layin da ya ɓace.

Game da shekaru, wani littafi zai ba ku wata, wani ya ƙara ɗaya. Sau da yawa daga juya lissafin Hijira ne, domin shekarar 1218 ta ratsa 1803 da 1804. Ku bi littafin da makarantarku take koyarwa da shi, ku tsaya a kansa.

Sakamako ma kada ku tsaya da shi a Sakkwato. A ƙarƙashin 1808 za ku sa mutuwar Yunfa da gina Sakkwato a 1809, amma ku bar fili ga waɗanda aka kora: sarakunan Katsina na Haɓe da suka kafa mulki a Maraɗi, na Zazzau da suka gangara kudu har aka kafa Abuja, wadda ake kira Suleja a yau, da Gobirawan da suka zauna a Tsibiri.

In kun gama, layi goma sha biyu ya wadatar. Ku rufe gida uku da takarda, ku bar na sakamako kaɗai a buɗe, ku fara daga ƙasa kuna hawa sama, kuna faɗin abin da ya jawo kowane. Layin da kuka yi tuntuɓe a kansa ku ɗiga masa jan biro, gobe da safe da shi za ku fara.