Darasin Mako: Yadda Ake Duba Rasit ɗin Kuɗin da Aka Aiko Daga Waje

Gidaje da dama a nan Lau suna da ɗa ko ƙane a Jidda, Dubai ko Turai, mai aiko da kuɗin taki, na makaranta ko na sarin shinkafa. Yawanci mutum ɗaya ke karɓa a madadin gida, kuma in lissafi bai fito ba shi ake zargi. Sau da yawa bai ci ko kwabo ba, rasit ne ba a karanta ba.

Hoton rasit da aka turo ta WhatsApp ba kuɗi ba ne, haka ma saƙon alat, domin duka ana ƙirƙirar na bogi. Ka buɗe manhajar bankinka ko ka duba balas, ka ga kuɗin sun zauna, kafin ka ɗauki kaya bashi a kansu.

Sai sunaye. Wajen da aka rubuta Sender shi ne mai aikowa, Receiver kuma kai ne, kuma dole rubutun ya yi daidai da na katin shaidarka. Wanda katinsa ke ɗauke da Muhammadu aka rubuta masa Mohammed, yana iya zuwa har Jalingo a dawo da shi hannu rabbana. A alat kuwa, sau da yawa sunan kamfanin aiken ne ke fitowa, ba na ɗan'uwanka ba. Wannan ba matsala ba ce in rana da adadin sun dace da rasit.

Inda aka fi samun rigima shi ne lissafi. Mu ɗauki misali, lambobin na koyo ne, ba farashin yau ba. Ƙanenka a Jidda ya ce ya aiko riyal 1,000. A rasit an rubuta Transfer fee riyal 20, Exchange rate kuma 1 SAR = 400 NGN. Tambayar farko: cajin nan a sama ya biya, ko a ciki aka cire? Duba layin Total. In 1,020 ne, a sama ya biya, naira 400,000 za ka gani. In kuwa 1,000 ne, to 980 aka canza, wato naira 392,000. Wannan 8,000 ɗin tun a Jidda ta tsaya, amma a gida 400,000 ake jira, sai a fara kallon mai karɓa da wani ido. Shi ya sa layin da aka rubuta adadin naira da za a biya, shi ne abin kwatantawa da alat, ba abin da aka faɗa a waya ba.

Akwai kuma cajin da ba a rubuta shi da sunan caji, yana cikin farashin canjin. Riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya, don haka awonsa da sauƙi. A ce ranar da aka aiko dala tana naira 1,545. Raba da 3.75, riyal ya kama naira 412. Kamfani ya ba da 400, ya rage 12 a kowane riyal, wato naira 12,000 a kan riyal 1,000. Ka ga ya fi cajin da aka rubuta. Don haka in an ce maka "babu caji", farashin za ka duba. Amma a yi adalci: farashin ranar da aka aika za a ɗauka, ba na ranar da ka je wajen mai POS ba, kuma cajin mai POS naka ne daban, a rubuta shi daban.

Masu tambaya me ya sa ba a ba su dala a hannu: tun ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a Janairun 2024, kamfanonin aike da naira suke biya, kuma abin da ya haura kimanin dala 200 ta asusun banki ake biyansa.

Wanda aka aiko masa ta hannun 'yan canji, ba rasit, alat kuma da sunan baƙo yake zuwa. A nan mai aikowa ya rubuto a saƙo nawa ya bayar, a kan wane farashi, da sunan wanda zai turo, tun kafin kuɗin su shigo.

In adadin bai dace ba, lambar aike ce madogara: a Western Union ana kiranta MTCN, lambobi 10 ne, ta MoneyGram kuma 8. Mai aikowa ne zai kai ƙorafi da ita, domin shi ya yi ciniki da kamfanin, kai kuma ka karɓo sitetimen na ranar daga bankinka ka tura masa. Kada a saka hoton rasit a guruf ɗin dangi kafin a karɓi kuɗin, sai an rufe lambar.