Za Ka Sa a Gina Maka Shafin Intanet? Ga Abin da Za Ka Rubuta a Takarda

Shekara biyu da suka wuce, ni da ƙannena a nan Gandi muka haɗa kuɗi muka sa wani matashi a birnin Sakkwato ya gina mana shafin intanet, don 'yan kasuwar kudu su riƙa ganin shinkafar Wurno da albasar Goronyo da muke sari. Aiki ya yi kyau, har muka buga adireshin a jikin buhunanmu. Da shekara ta zagayo sai shafi ya ɗauke ɗif. Ashe da sunansa ya yi rajistar adireshin, wa'adi ya cika bai sabunta ba, ya kuma bar gari, layinsa a kashe. Ba mu da ko fallen takarda da za mu nuna. Karo na biyu da muka sake ginawa, ga abin da muka rubuta kafin sisi ya fita daga aljihunmu.

1. Adireshin shafin ya fito da sunanka. Adireshin, wanda masu aikin ke kira domen, shi ne filin da aka yi ginin a kai, kuma haya ce da ake sabuntawa duk shekara. Masu ƙarewa da.ng ko .com.ng suna ƙarƙashin hukumar NiRA, ana yankarsu ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Ka sa a rubuta cewa a gurbin da ake kira Registrant za a sa sunanka ko na kasuwancinka, da lambar wayarka, da imel ɗin da kai kaɗai ke buɗewa. Gara ma ka zauna kusa da mai gina shafin ranar rajistar ka biya da katinka, domin duk saƙon gargaɗin ƙarewar wa'adi imel ɗin nan yake zuwa, mu kuwa nasa ya riƙa zuwa.

2. A rubuta ƙarara cewa aikin ya zama naka. Mutane da yawa na ɗauka wanda ya biya shi ke da abu, amma a Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 haƙƙin yana fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙiro aikin, kuma ba ya komawa hannun wani sai a rubuce. Layi ɗaya ya isa: da zarar an biya kason ƙarshe, zane da tambari da rubutu da duk abin da aka tsara domin wannan shafi sun zama mallakar mai shafi. Idan a kan WordPress ya gina, ita manhajar kyauta ce ga kowa, sai dai ya lissafa maka ƙarin kayan da ya sayo ya ɗora, da sunan wanda lasisinsu ke ɗauke da shi, da nawa ake sabunta su.

3. Lissafa mabuɗan da zai miƙa maka. Ba ka karɓar gida ka bar makullai a aljihun magini. A jera su a takarda: kalmar sirrin asusun domen, ta masaukin shafin da ake kira hostin, ta shiga WordPress a matsayin Administrator, da cikakken kwafin shafin a filashi. In za a riƙa biyan kuɗin kaya ta shafin da Paystack ko Flutterwave, kai za ka buɗe asusun da sunanka da lambar bankinka, shi nasa haɗawa kawai.

4. Ƙayyade gyara tun kafin a fara. Nan ne aka fi ɓatawa, kuma gaskiya sau da yawa laifinmu ne masu ba da aiki: yau yaya ya ce a sauya launi, gobe ƙane ya ce a mayar. Ku rubuta yawan shafuka, misali biyar, da zagayen gyara biyu, kowane zagaye a tattara duk ƙorafi a saƙo ɗaya daga bakin mutum ɗaya da gida ya wakilta. Ku kuma bambance gyara da sabon aiki: sauya hoto ko lambar waya gyara ne, amma ƙara kwandon sayayya ko fassara shafin gaba ɗaya zuwa Turanci sabon ɗinki ne, a faɗi kuɗinsa a rubuce kafin a taɓa shi.

5. Raba kuɗin gida uku, kowane kaso da abin da ido zai gani. A ce kun daidaita a naira 300,000: ka ba da 90,000 kafin alƙalami ranar sa hannu, 120,000 ranar da ka buɗe shafin gwaji a wayarka ka ga dukkan shafuka biyar suna aiki, sauran 90,000 kuma sai shafi ya hau adireshinka, mabuɗai sun shigo hannunka, ka shiga da kanka ka sauya kalmomin sirri. Kada ka ɗaura biya da kwanan wata, ɗaura shi da aikin da aka gama, domin wata na ƙarewa ko an yi aiki ko ba a yi ba. Wannan kaso na ƙarshe shi ne linzaminka, kada kunya ta sa ka sake shi da wuri. Ka kuma biya ta banki kana rubuta ko kaso na nawa ne, shaidar ta zauna.

6. Wa'adi ya hau kan ku biyu. Shi ya ce mako shida, kai kuma ka ɗauki alkawarin ba shi hotuna da farashi cikin kwana bakwai, ka amsa kowane gwaji cikin kwana biyar, don kada lokacin girbi ya ɗauke maka hankali aiki ya kwanta. Gwajin kuwa a yi shi da ƙaramar waya a nan gida inda sabis ke rawa, domin shafin da ke buɗewa nan take a ofishin birni yana iya tsayawa cak a ƙauye saboda nauyin hotuna.

7. Kulawa bayan buɗewa ta sami iyaka da farashi. Nemi kwana 30 ko 60 na gyara kyauta ga duk abin da ya lalace daga aikinsa, kamar fom ɗin da ba ya aika saƙo, ko gargaɗin Not secure da ke fitowa a gefen adireshi yana korar masu saye. Bayan nan a rubuta kuɗin kulawa na wata ko na shekara da abin da ya ƙunsa: sabunta manhaja, ajiye kwafi aƙalla sau ɗaya a wata, da amsa kira cikin kwana biyu in shafi ya faɗi. A sa ranar sabunta domen da hostin da wanda zai biya, kai ma ka rubuta ranar a kalandar ɗaki, wata guda kafin lokacin.

8. Shirya rabuwa tun ana dariya. A rubuta cewa in ɗayanku ya janye, za a biya aikin da aka kammala, shi kuma ya miƙa fayiloli da lambar sauya wa domen kamfani, wadda ake kira EPP code, cikin kwana bakwai. Ko da ɗan yayarka ne zai yi aikin, ku sa hannu gaban shaidu biyu kowa ya riƙe kwafinsa, ai ayar bashi a Suratul Baƙara ma rubutawa da kafa shaidu ta koya mana. In kuwa kana da shafi tun tuni, kira wanda ya gina maka yau ka tambaye shi da sunan wa aka yi rajistar adireshin.