Sahun Mashi na Makidoniya

A zamanin da, dakarun Makidoniya da ke arewacin Girka sukan jera sahu 16, kafaɗa da kafaɗa. Kowane soja yana riƙe da mashi mai tsawon kusan mita 6. Tsinin mashin sahu biyar na farko yakan zarce gaban runduna, saboda haka abokan gaba ba sa iya kusantarta.

Amma sahun ba ya daidaita sai a shimfiɗaɗɗen fili. A yaƙin Pidna, shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa, dakarun sun bi Rumawa cikin tudu da kwari. Nan sahu ya tsinke, Rumawa suka kutsa da gajerun takubba. Dogon mashi ba ya juyuwa a cikin matsi, sai aka ci Makidoniya da yaƙi. Lalle sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tambaya: Me ya sa sahun ya tsinke?