Darasi Daga Tukunyar Ƙasa: Yadda Ake Kare Insulin Daga Zafin Makka



A Hajjin shekarar 1445, wato Yunin 2024, Allah Ya nufe ni da raka kawuna zuwa Ƙasa Mai Tsarki. Shi ya taso daga Kano, ni kuma daga ƙasar da nake aiki, muka haɗu a Makka. Kawu ya haura shekara goma yana yi wa kansa allurar insulin saboda ciwon suga. Ni injiniya ne, karatuna a kan yadda zafi ke ratsa abubuwa yake, don haka maganar yawan allura ta likitansa ce, amma ajiyar maganin ta faɗo a wuyana. A wannan Hajjin ne zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mahajjata 1,301. Allah Ya jiƙansu da rahama. Abin da na koya a waɗannan kwanaki nake so in gabatar wa 'yan'uwa masu niyyar Hajji ko Umra, musamman masu raka iyaye.

Haddin da insulin ke jurewa

Insulin nau'in furotin ne, dangin farin ƙwai, shi ya sa zafi mai tsanani da daskarewa duk suke lalata shi. Ƙa'idar da kamfanoni ke rubutawa ita ce, wanda ba a buɗe ba a ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi kuwa, akasari yana yin kwana 28 a wajen firji, muddin zafin bai wuce digiri 25 ko 30 ba, gwargwadon abin da ke kan takardarsa.

Bincike ya nuna yana da juriya fiye da haka. A 2021 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Jami'ar Jeneba suka wallafa wani nazari da ya taso daga sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafin ɗaki ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Sun tarar cewa a irin wannan yanayi insulin ya riƙe ƙarfinsa har mako huɗu. Sai dai a lura da adadin: 37 ne ƙololuwa, kuma dare na saukar da shi. Ranar Arfa a tsakiyar bazara ta wuce nan nesa, cikin jakar da rana ta buga ko motar da aka rufe kuwa ya fi haka muni. Ashe aikinmu ba mu mayar da insulin sanyin firji ba ne. Abin da ake bukata shi ne a riƙe shi kusa da digiri 30 ko ƙasa da haka na 'yan kwanaki, kuma wannan abu ne da tukunyar ƙasa ke iyawa.

Dalilin sanyin ruwan randa

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Jikin randa na da ƙananan kafofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu. Idan ya isa waje sai iska ta busar da shi, kuma ruwa ba ya bushewa sai ya ɗebi zafi daga abin da yake kai. Bushewar cokali ɗaya na ruwa, wato giram biyar, kan kwashe zafin da ya isa ya sauke lita ɗaya ta ruwa da kusan digiri uku. Haka salka ke aiki, haka gumi ke sanyaya jiki. Mutanen Makka ma sun daɗe suna shayar da alhazai Zamzam daga tulunan ƙasa.

Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukanmu don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A 2016 kuma aka wallafa gwajin da aka yi a Khartum kan tukwane da salka da wasu kayan da masu ciwon suga ke amfani da su a ƙasashe kamar Sudan, Mali da Indiya, aka tabbatar suna sauke zafi.

Amma tukunya na da iyaka, kuma iyakarta ita ce danshin iska. A kowane yanayi akwai matakin da bushewar ruwa ba ta iya saukar da zafi ƙasa da shi. Idan zafi na digiri 45, danshi kuma kashi 15 cikin ɗari, wannan mataki yana wajen digiri 23. Tukunya ba ta kaiwa can. Mu ɗauka ta cinye kashi biyu cikin uku na tazarar, to cikinta zai tsaya wajen digiri 30, a bakin haddi ke nan. A inuwa mai digiri 38 da danshi kashi 20, lissafin zai ba da wajen 27. Amma a iskar bakin teku irin ta Jidda, da digiri 38 ɗin nan da danshi kashi 60, matakin kansa digiri 31 ne, tukunya kuma za ta tsaya wajen 33. Darasin shi ne tukunya na son busasshiyar iska da inuwa. Makka takan ba da ta farko, ta biyun kai za ka nema.

Yadda ake haɗa ta

A sami tukwane biyu na ƙasa marasa fenti ko shafe mai ƙyalli, domin shafen na toshe kafofin. Ƙaramar ta shiga cikin babbar, a bar tazarar yatsu biyu a tsakani. Idan irin na shuka fure ne, a toshe hudar gindinsu. A zuba yashi a gindin babbar, a ɗora ƙaramar yadda bakunansu za su daidaita, a cika tsakanin da yashi, a jiƙa shi sharaf ba tare da ruwa ya kwanta ba. A rufe da jiƙaƙƙen tawul, a ɗora a kan duwatsu uku a inuwa inda iska ke ratsawa. Ana ƙara ruwa safe da yamma, a ranar tsananin zafi har sau uku.

Abu biyu ne ake yawan kuskurewa. Na farko, tukunya na ɗaukar sa'o'i kafin ta huce, don haka a jiƙa ta tun dare kafin a sa magani. Na biyu, kada insulin ya taɓa ruwa ko yashi. A cire allurar daga bakin alƙalamin, a mayar da murfi, a sa shi a busasshiyar roba mai murfi, a ajiye ƙaramin ma'aunin zafi a gefensa. Hannu na iya ruɗar mutum, ma'auni ne shaida.

Lissafin kwanakin Mina

Kawu na amfani da gaurayayyen insulin mai kamar madara, yunit 20 da safe, 12 da yamma. Kafin kowace allura yakan fitar da yunit 2 don gwada bakin allurar, jimla 36 a rana. Daga fita Mina ranar 8 ga Zulhajji zuwa ranar 13 kwana shida ne, wato yunit 216. Alƙalami ɗaya na ɗauke da 300, don haka ɗaya ya isa. Muka ɗauki na biyu saboda tsaro, sauran muka bari a firjin masauki.

Firjin ma sai da ya koya mana darasi. Tun makon farko na tarar da alƙalami ɗaya manne da bangon baya na ƙaramin firjin ɗakinmu, ƙanƙara ta kama shi. Na ce, "Kawu, wannan kam sai dai haƙuri." Ya ce, "Ai in ya narke shi ke nan, ɗana." Na ce masa daskararren insulin ba ya komawa daidai ko ya narke, muka jefar. Daga ranar muka koma ajiyewa a tsakiyar firji, nesa da bango.

Tukunyar da na haɗa ta yi mana amfani a masauki, inda alƙalamin da ake amfani da shi ke zama a cikinta. Amma ba mai ɗaukar tukwane da yashi zuwa Arfa da Muzdalifa. A nan sai muka bar tukunya muka tafi da hikimarta. Na sa kowane alƙalami a robarsa, na zura a safar auduga mai kauri, na jiƙa, na sa a jakar raga mai shan iska, ina ƙara ruwa da zarar safar ta fara bushewa. Akwai jakunkunan da ake sayarwa masu ƙwayoyin da ke riƙe ruwa kwanaki, aikinsu ɗaya ne. Sharaɗinsu duka shi ne iska. Wanda ya ƙulle jiƙaƙƙiyar safa a leda ya kashe aikinta, domin ruwan ba shi da inda zai bushe ya tafi.

Ɗaya na hannuna, ɗaya na hannun Kawu, saboda cunkoso na raba mutane. Ban yarda ya sa nasa a bel ɗin harami ba, domin a can zafin jiki da na rana ke haɗuwa. Ƙanƙarar da ake rabawa ma ba mu ɗora magani a kanta ba, sai dai mu jiƙa safar da ruwan sanyinta.

Yadda za a gane ya lalace

Insulin garai kamar ruwa, idan ya yi hazo ko ya sauya launi, ya tashi daga aiki. Mai kamar madara kuwa, idan an murza shi a tafin hannu ya ƙi haɗuwa, ya yi gudaji, ko fari ya manne a jikin gilashi, a jefar. Amma insulin na iya raunana alhali kamanninsa na nan, kuma a nan awon suga ne kaɗai zai faɗa.

Idan suga ya hau sau biyu ko uku a jere, a fara tambaya: an tsallake allura? An sha lemon kwalba ko dabino da yawa? Akwai zazzaɓi? Tsinken awon ma zafi na ɓata shi, don haka shi ma a boye shi a inuwa, a busasshen wuri. Idan ba a ga dalili ba, a koma sabon alƙalami a kan adadin da aka saba. Kada a ƙara yawan allura don cike gurbin mai rauni, domin ranar da aka koma mai ƙarfi suga na iya faɗuwa warwas, ga shi doguwar tafiya da zafi ma na saukar da shi. Idan kuwa hawan suga ya zo da amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani ko numfashi sama-sama, a garzaya asibiti nan take. Akwai asibitoci da wuraren shan magani a Mina da Arfa.

Kafin tashi, a zauna da likita, a karɓi takardar da ta bayyana sunan maganin da adadinsa. A jirgi insulin ya zauna a jakar hannu, domin a ɗakin kaya yana iya daskarewa, akwati kuma na iya ɓata. Sannan a gwada safa da ma'auni tun a gida, kada ranar Arfa ta zama ranar koyo.

Kawu ya kammala jifa da alƙalaminsa na farko, na biyun ya dawo ba a buɗe ba. Duk da haka na rubuta masa kwanan wata, aka fara amfani da shi kafin na firji, tunda ya sha zafi. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.